In Ba Ƙira, Me Ya Ci Gawayi?

A ƙarshen shekarun 1990, a dubban ƙauyukan ƙasar Bangaladash, akwai rana guda a kowane wata da iyaye mata ke saɓo 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 2 su nufi wurin awo. Ana ɗora yaro a sikeli, yana tsala ihu yana harbin iska, sai an jira allurar sikelin ta tsaya kafin a karanta. Wata mata 'yar ƙauyen, wadda aka ba horo, takan ɗiga alama a katin yaron. Idan ɗigon wannan wata ya haura na watan jiya, madalla, yaro yana girma. Idan layin ya kwanta ko ya yi ƙasa, sai a sa yaron cikin masu karɓar ƙullin gari, wanda matan ƙauyen ke haɗawa da soyayyar shinkafa da wake da mai da ɗan zaƙin rake. Uwar kuma a zaunar da ita a yi mata bayani kan shayarwa, da abincin da ya dace da yaro, da hutun mai ciki.

Wannan shi ne babban shirin inganta abincin yara da mata masu ciki da gwamnatin ƙasar ta gudanar daga 1995 zuwa 2002, da rancen kusan dala miliyan 60 daga Bankin Duniya. An kwaikwayo shi ne daga wani shiri na jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, wanda ya fara a 1980 kuma ya sha yabo a lokacinsa. A takarda, komai ya tafi daidai. An buɗe cibiyoyi, an horar da ma'aikata, an raba gari, kuma kusan yara 9 cikin 10 na yankunan shirin ana kawo su awo. Alƙaluman shirin da kansa sun nuna cewa tamowa mai tsanani tana raguwa.

Sai a 2003 ƙungiyar agajin yara ta Birtaniya, Save the Children, ta fitar da rahoton da ya tayar da ƙura. Ta auna yara a yankunan da shirin ya shekara 6 yana aiki, ta auna yara a yankunan da bai taɓa shiga ba, ta ce ba ta ga wani bambancin kirki ba. Masu shirin suka ce ga rajistarmu, ga lissafin abin da muka yi. Masu suka suka ce ga yaran nan, ku duba. Abin lura shi ne babu ɓangaren da ya yi ƙarya. Kowa abin da ya ƙirga daban ne, kuma rabe waɗannan ƙirge-ƙirgen shi ne dukan aikin abin da ma'aikatan ƙungiyoyi ke kira lojik modal, wato taswirar da ke nuna yadda ake sa ran shiri zai tashi daga kuɗi ya kai ga lafiyar yaro.

Daga cefane zuwa jikin yaro

Taswirar ba ta da wuya, takarda ɗaya ce mai gidaje jere daga hagu zuwa dama, da kibiya tsakanin kowane gida da na gaba. Tushenta yana komawa ga wani jadawalin tsara ayyuka da aka ƙirƙiro wa hukumar raya ƙasashe ta Amurka a 1969, sannan gidauniyar Kellogg ta yaɗa ta sosai da littafin jagora da ta fitar a farkon shekarun 2000. Amma duk wanda ya san yadda abinci ke tafiya a gida ya riga ya san ta.

Maigida ya ba da kuɗi, an sayo gero da kuka da daddawa da itace: wannan cefane ne, abin da aka zuba. An yi surfe, an kai niƙa, an tuƙa: wannan shi ne aikin. An kwashe malmala 12 an jera a kwanuka: wannan shi ne abin da aikin ya fitar. Har yanzu ba wanda ya ƙoshi. Sai ƙaramin yaron gidan ya ci rabonsa, ba yayyensa suka wawashe ba, ba kaza ta zubar ba, sannan za a ce an samu sauyi. Idan kuma aka ɗauki watanni ana haka har yaron ya yi ƙwari, ya yi tsayin da ya dace da shekarunsa, aka kuma tabbatar cewa tuwon ne sanadi, to a nan ne ake maganar tasiri.

A shirin abinci na al'umma, abin da aka zuba shi ne kuɗi, da ma'aikata, da sikeli, da katunan awo, da babura, da buhunan gari, har da lokacin matan da ke aikin sa-kai, wanda sau da yawa ake mantawa da shi don ba a biya shi. Abin da aka fitar shi ne adadin yaran da aka auna, da zaman wayar da kai da aka yi, da ƙullin garin da aka miƙa. Sauyi shi ne abin da ya canza a cikin gida: uwa ta shayar da nono zalla har wata 6, an fara sa ƙwai ko gyaɗa a kunun yaro, an kai mara lafiya asibiti da wuri. Tasiri shi ne raguwar tsumburewa da rama da mace-macen yara a yankin, wanda shirin ne ya jawo shi.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne tsakanin gida na biyu da na uku, kuma akwai tambaya guda da ke warware shi: a hannun wa abin yake? Duk abin da ma'aikacin shiri zai iya cikawa da kansa in ya dage, ko da mutanen gari ba su canza komai ba, abin da aka fitar ne. Zai iya tara mata 500 a ƙarƙashin bishiya ya yi musu bayani, ya ɗauki hoto, ya karɓi dangwalen yatsa. Amma ba zai iya shiga madafin kowace mace da asuba ya sa mata garin waken suya a kunu ba. Wannan yana hannunta, da hannun mijinta, da farashin kasuwa. Shi ya sa rahoton da ya ce "an wayar da kan mata 500" bai faɗi kome game da yara ba tukuna. Ya faɗi cewa an yi taro ne kawai.

Ba don ƙirgen abin da aka fitar ba shi da amfani ba ne. Shi ne ke nuna ko an yi aikin ma tukuna, kuma shirin da bai raba garin ba, ba sai an wahala neman tasirinsa ba. Matsalar ita ce shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, mafi saurin samuwa, mafi daɗin karantawa a gaban mai ba da kuɗi. Saboda haka yakan mamaye rahoto ya zauna a kujerar da ba tasa ba.

Inda sarƙar ta tsinke

Bayan gardamar 2003, sashen tantance ayyuka na Bankin Duniya ya sake duba shirin na Bangaladash. Masu binciken, Howard White da Edoardo Masset, ba su tsaya kan tambayar ya yi aiki ko bai yi ba. Sun shimfiɗa taswirar shirin ne suka bi ta kibiya bayan kibiya, domin kowace kibiya zato ce da masu tsara shirin suka yi, ko sun rubuta ko ba su rubuta ba. Abin da suka gano ya zama darasin da ake koyarwa har yau.

Kibiyar farko ta riƙe: iyaye mata suna kawo yara awo, kuma da yawa. Ta biyu ita ce zaton cewa awon zai zaƙulo yaran da suka dace da ƙarin abinci. A nan aka fara samun ɓaraka. Da aka jarraba matan da ke awon, aka miƙa musu katunan girma aka ce su nuna wane yaro ne ya kamata a sa a shirin, da yawansu suka kasa fassara layin daidai. Sakamakon haka, mafi yawan yaran da suka cancanci garin ba su samu ba, wasu da ba su cancanta ba kuma suka samu. A rajista dai ƙullin gari ƙullin gari ne, ko wa ya karɓa.

Kibiya ta uku ita ce zaton cewa garin zai zama ƙari a kan abin da yaro ke ci. Amma a gidan da abinci bai wadata ba, abu biyu kan faru. Ko dai a raba ƙullin da sauran yaran gida, ko kuma uwa ta ce ai wannan ya ci nasa a cibiya, ta rage masa na gida ta ƙara wa 'yan'uwansa. Babu uwar da za a zarga a kan haka, don ba mai iya kallon yaro ɗaya yana ci uku suna haɗiyar miyau. Sai dai ma'anarsa ita ce abin da aka lissafa a matsayin ƙari ya koma musanya, cikin yaron bai samu fiye da da ba.

Reshen wayar da kai shi ne ya fi ba da mamaki. Ilimin ya shiga. Matan yankunan shirin sun fi sauran sanin abin da ya kamata a yi, kuma in an tambaye su za su amsa daidai. Galibinsu sun san cewa mai ciki ba ta aikin wahala, kuma tana buƙatar ƙarin abinci. Amma tsakanin sani da aikatawa akwai rami mai faɗi. Matar da ke gidan talaka a lokacin girbi ba ta da wanda zai karɓe ta aiki don ta huta. Akwai kuma tsohuwar al'ada ta rage ci lokacin goyon ciki don kada jariri ya yi girman da haihuwa za ta yi wuya, kuma masu riƙe da wannan al'ada su ne tsofaffin gida.

A nan ne binciken ya taɓo abin da duk mai karatu a ƙasar Hausa zai gane nan take. A ƙauyukan Bangaladash maza ne ke zuwa kasuwa su yi cefane. A gidajen da ake zaune da iyayen miji kuwa, uwar miji ce ke da ta cewa kan abin da za a dafa da yadda za a reni jika. Shirin ya shafe shekaru yana koyar da amaryar gida, wadda ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba, ba kuma ita ke yanke hukunci ba. Taswirar ta ce: a koyar da uwa, uwa za ta sauya abincin yaro. Ba wanda ya rubuta sharaɗin da ke ɓoye a ƙarƙashin kibiyar, wato in har uwar ce mai iko da tukunya.

Da aka haɗa waɗannan duka, sai lissafin ya fito. Tasirin shirin a kan nauyin yara ya kasance kaɗan ƙwarai, ko da yake ya ɗan fi a wurin yaran da suka fi jigata. Raguwar tamowar da masu shirin ke nunawa gaskiya ce, amma a shekarun nan tamowa tana raguwa a ƙasar baki ɗaya, har a inda shirin bai je ba.

Abin da ya sa wannan hanya ta fi hukuncin "ya faɗi" kawai shi ne tana nuna wurin gyara. Idan aka ce shiri bai yi aiki ba aka yi shiru, sai a rufe shi, ko a sake irinsa da sabon suna. Idan kuwa aka ce matan awo suna buƙatar ƙarin horo da sa ido, kuma dole a shigo da maza da surukai cikin zancen, to an samu abin yi gobe da safe.

Yadda ake auna abin da ke cikin gida

Idan sauyi a cikin gida yake faruwa, to can za a bi shi. Ba a tambayar uwa ko tana ba yaronta abinci mai gina jiki, don kowa zai ce e, musamman wadda ta halarci taro ta san amsar da baƙo yake son ji. Tambayar da ake yi ita ce: daga wayewar garin jiya zuwa wayewar garin yau, me da me yaron nan ya ci? A bi da ita a hankali. Da ya tashi? Kunu. Na mene ne? Na gero. An sa wani abu a ciki? Tsamiya da sukari. Da rana fa? Haka har dare, har da abin da ya tsinta a kwanon kakarsa.

Daga nan sai a rarraba amsar cikin rukunan abinci 8 da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara domin yara 'yan wata 6 zuwa 23: nonon uwa, hatsi da su doya da rogo, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nono, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu sinadarin bitamin A, irin su zogale da kabewa da mangwaro, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. Yaron da ya samu 5 cikin 8 ya kai mafi ƙarancin abin da ake nema. Yaron da ya sha nono, ya sha kunun gero, ya ci tuwon dawa, ya sha farau-farau, cikinsa ya cika amma rukuni 2 kawai ya taɓa, domin gero da dawa gida ɗaya suke. Adadin yaran da suka kai rukuni 5, kafin shiri da bayansa, shi ne ma'aunin sauyi na gaske ga shirin da ke koyar da haɗa kunu.

A shirye-shiryen jinyar tamowa, irin waɗanda suka bazu a Nijar bayan yunwar 2005 da kuma arewacin Najeriya, bambancin ya fi fitowa fili. Ana auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku: ja idan bai kai milimita 115 ba, rawaya daga nan zuwa 125, kore idan ya kai haka ko ya wuce. Wanda ya faɗa ja ana ba shi abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda mai nauyin giram 92. Katan nawa aka sauke a asibiti, abin da aka zuba ne. Yara nawa aka rubuta aka ba leda, abin da aka fitar ne. Sauyin shi ne yadda suka fita. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji suka amince da ita ta ce cikin yaran da suka bar shirin, fiye da kashi 75 cikin 100 su zama sun warke, waɗanda suka rasu kada su kai kashi 10, waɗanda suka daina zuwa kada su kai kashi 15.

Ko wannan ma yana da makafin gefe. Asibiti zai iya warkar da 9 cikin 10 na waɗanda suka zo masa, alhali mafi yawan yaran da ke fama a ƙauyukan nesa ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Don haka ake ƙara wani ma'auni: cikin dukan yaran yankin da ke da tamowa mai tsanani, nawa ne ke karɓar magani? A karkara ana son ya wuce rabi. Ba a samun wannan amsa daga rajista, sai an shiga gida-gida da tef a hannu. Kuma ledar da aka gani ana sayarwa a kan tebur a kasuwa, a rajista an rubuta ta ne a matsayin wadda yaro ya sha.

Sai maganar lokaci, wadda ta hallaka rahotanni da dama ba tare da an lura ba. Ramar yara tana hawa da sauka da yanayin shekara. Tana ƙaruwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa. Tana sauka bayan kaka. Wanda ya yi awon farko a watan Agusta, ya yi na ƙarshe a Janairu, zai ga rama ta ragu ko da shirinsa bai tsinana kome ba. Wanda ya juya watannin kuma zai ga kamar shirinsa cutarwa ya yi. Awon farko da na ƙarshe dole su faɗo a wata ɗaya na shekara.

Da ba a yi ba, da me zai faru?

Gida na ƙarshe a taswirar shi ne mafi tsada, kuma shi aka fi yi wa ƙarya ba da gangan ba. Kalmar tasiri tana ɗauke da da'awa: mu ne sanadi. Don a tabbatar da ita sai an san abin da zai faru da ba a yi shirin ba, kuma ba mai iya mayar da ƙauye baya ya sake rayuwarsa ba tare da shirin ba. Mafita ita ce a nemo ƙauyuka masu kama da shi da ba su samu shirin ba, a auna su a lokaci guda.

A ɗauki misali na lissafi kawai. A ce a ƙauyukan shiri, yara 60 cikin 100 ne tsumburarru a farko, bayan shekara 4 suka koma 50. Mai rahoto zai so ya ce mun rage 10. Amma a ce a ƙauyukan kwatance an tashi daga 60 an koma 54, saboda damina ta yi kyau, ko an gina rijiyoyin burtsatse, ko an yi rigakafin ƙyanda. To 6 daga cikin 10 ɗin nan da ma za su zo. Rabon shirin 4 ne. Haka nan idan shekarar ta zo da fari, ƙauyukan shiri suka tsaya a 60, na kwatance suka haura 66, to shirin da ake ganin bai motsa kome ba ya tare wa yara 6 cikin kowane 100 tsumburewa.

An yi irin wannan gwaji a ƙasar Hausa, kuma an yi shi da kyau. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da shirin tallafin renon yara a ƙananan hukumomi 5: Anka da Tsafe a jihar Zamfara, sai Buji da Gagarawa da Kirikasamma a jihar Jigawa. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar. Ana ba mace naira 3,500 a wata, wanda daga baya ya koma 4,000, tun tana da ciki har yaron ya cika shekara 2, ba tare da an gindaya mata yadda za ta kashe ba. Tare da kuɗin akwai saƙonni kan shayarwa da abinci da tsafta, kuma ba a taƙaita su ga mata ba. An bi ta rediyo, da tarukan gwajin girki, da saƙon murya a waya, har da huɗubar Juma'a, inda maigida mai cefane yake zaune a sahu. Kibiyoyi biyu da suka tsinke a Bangaladash, wato rashin abin hannu da rashin shigo da masu iko a gida, a nan an yi ƙoƙarin ɗaure su tun farko.

Abin da ya ba gwajin ƙarfi shi ne ƙuri'a. An ɗauki ƙauyuka 210, aka bar ƙuri'a ta zaɓi waɗanda za su fara samun shirin da waɗanda za su jira. Dalilin ƙuri'ar shi ne in aka bar mutane su zaɓa, sai shirin ya tafi ƙauyen da ke bakin titi, ko wanda dagacinsa ke da baki, kuma irin waɗannan ƙauyuka da ma sun bambanta da sauran. An yi awon farko a 2014, aka koma a 2016, aka sake komawa a 2018. Sakamakon da masana tattalin arziki, ciki har da Pedro Carneiro da Imran Rasul, suka wallafa a 2021 ya nuna cewa tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100 a yaran shirin idan aka kwatanta da sauran, kuma bambancin yana nan bayan shekara 4.

Wannan adadi yana buƙatar a karanta shi da natsuwa. Ba yana nufin yara 8 cikin kowane 100 ba ne, kashi 8 ne na waɗanda da za su tsumbure. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jigawa kusan yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 tsumburarru ne. Kashi 8 na adadi irin wannan yara 5 ne a cikin 100. Wani zai ce kaɗan ne. Amma tsumburewa aba ce mai taurin kai, tana farawa tun a ciki, tana taruwa a kwanaki 1,000 na farkon rayuwa, kuma shirye-shirye masu yawa sun ƙare ba su gusar da ita ko da taƙi ɗaya ba. Yara 5 cikin 100 da aka tabbatar da ƙuri'a sun fi yara 20 da aka yi da'awarsu ba tare da kwatance ba.

Da yake an auna gidajen tsakiya na taswirar, an kuma ga hanyar da abin ya bi. Shayar da nono zalla ta ƙaru, nau'in abincin da yara ke ci ya faɗaɗa, mata da yawa sun juya wani ɓangare na kuɗin zuwa sana'a da kiwon awaki, abin da ya ci gaba da kawo musu kuɗi. An kuma ga inda bai kai ba: yaran sun ƙara tsayi, amma rama, wato nauyi gwargwadon tsayi, ba ta gyaru ba. Rama ta fi bin ciwon da yaro ya yi a makonnin baya da ruwan da yake sha, kuma naira 4,000 ba ta gyara rijiyar gari.

Taswirar tana da nata rauni, kuma masu aiki da ita na gaskiya sun sani. Layi ne miƙaƙƙe, rayuwa kuwa ba ta tafiya a miƙe. Uwar da ta ga ɗanta ya murmure takan jawo maƙwabtanta, sai sauyi ya koma ya ƙara yawan masu zuwa. Tashin farashin hatsi, ko rashin tsaro da ya raba mutane da gonakinsu, ba su da gida a cikin zanen, amma suna iya share shi gaba ɗaya. Akwai kuma abin da ba a yi niyya ba, mai kyau ko mara kyau, wanda ba zai bayyana ba in mai tantancewa ya tsaya kan abin da aka rubuta kaɗai. Mafi munin abin da ke samunta shi ne a zana ta a ofis don neman kuɗi, a jefa a durowa, a ciro ta ranar rubuta rahoton ƙarshe. Taswirar da aka zana a zaure, tare da ungozoma da limami da 'yan matan awo da tsofaffin gida, a ƙarƙashin kowace kibiya ana tambayar me zai hana wannan faruwa a garin nan, ita ce za ta kama maganar uwar miji kafin a kashe shekara 7.

Ba kuma kowane shiri ne ya kamata ya yi da'awar gida na ƙarshe ba. Ƙaramar ƙungiyar mata da ke haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa a unguwanni uku, da kuɗin wata 18, ba ta da yawan yara, ko tsawon lokaci, ko ƙauyukan kwatancen da za su nuna raguwar tsumburewa. In ta rubuta haka a rahotonta, ta faɗi abin da ba ta da hanyar sani. Abin da za ta iya tabbatarwa shi ne gidaje nawa ne har yanzu ke dama kunun wata 3 bayan an daina ba su garin kyauta, yara nawa ne suka tashi daga rukunin abinci 2 zuwa 5, da kuma yara nawa ne tef ya nuna ja aka tura asibiti, suka isa, suka ci gaba da zuwa har aka sallame su.